Yadda ake zaɓen ƙarfe da awon ɗan kunne na farko don sabon huji ya warke lafiya

Sabon hujin kunne rauni ne mai baki biyu, an kuma bar wani abu a cikinsa da gangan. Aikin jiki shi ne ya shimfiɗa sabuwar fata a kewayen wannan abu, daga gaba da baya, har ta haɗu a tsakiya ta zama rami mai santsi. Kafin fatar nan ta haɗu, ɗanyen nama ne ke manne da ƙarfe dare da rana, tsawon makonni ko watanni. Saboda haka ɗan kunnen farko kayan jinya ne, na ado yana nan zuwa daga baya. Abu uku ake tambaya a kansa: da wane ƙarfe aka yi shi, mene ne kaurin sandarsa, mene ne tsawonta. Mutane sun fi damuwa da na farko, amma a ganina na uku ya fi kowanne jawo wahala.

Zan bi matakan ne da misalin mace ɗaya, don lissafin ya fito fili. A ɗauka tana son huji uku a rana ɗaya: ɗaya a tsokar ƙasan kowane kunne, wato wurin nan mai laushi da aka saba hudawa, ɗaya kuma a gefen saman kunnen dama, inda guringuntsi yake. Ta kuma taɓa lura cewa bayan agogon ƙarfe yana sa mata ƙaiƙayi a wuyan hannu.

Mataki na farko: ki san jikinki kafin ki kalli ɗan kunne

Ƙaiƙayin agogon nan ba ƙaramin labari ba ne. Galibi alama ce ta cewa jiki ba ya shiri da nikel, wani farin ƙarfe da ake gauraya shi a cikin kayan ado da yawa don ya ƙara musu ƙarfi da sheƙi. In maɓallin wando, ko kan bel, ko hannun tabarau, ko wata sarƙa ta taɓa fito miki da ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi daidai inda ta taɓa fata, ki ɗauka kina cikin masu wannan alaji. Ba ya nuna kansa nan take. Sai bayan yini ɗaya zuwa uku wurin zai yi ja, ya dinga ƙaiƙayi, wani lokaci ya dinga tsattsafo da ruwa. In kuwa ya kama mutum, ya zauna ke nan har ƙarshen rayuwa. Abin takaicin, hujin kunne da ƙarfe mai sakin nikel yana cikin manyan hanyoyin da mutum ke fara kamuwa da shi, domin ƙarfen yana zaune ne a cikin buɗaɗɗen rauni. Ke nan ko wadda ba ta da alajin a yau, bai kamata ta sayo wa kanta shi ba.

Tambaya ta biyu ita ce ta tabo. Akwai masu jikin da in sun ji rauni, tabon ba ya tsayawa a iyakar raunin, sai ya yi ta tsiro ya zama ƙullutu mai tauri. Likitoci suna kiransa kiloyid. Ya fi yawa ga masu duhun fata, yana kuma bin dangi. In ke ko iyayenki ko 'yan uwanki kuna da irin wannan tsiro a kunne, ƙirji ko kafaɗa, ki sani babu ƙarfen da zai hana shi, komai kyansa. Wannan magana ce da za ki fara yi da likita. Haka ma mai ciwon suga, da mai shan maganin da ke tsinka jini ko raunana garkuwar jiki.

Mataki na biyu: ƙarfe

Ga matar misalinmu amsar ba ta da wuya: taitaniyam, irin wanda ake dasawa a jikin mutum a tiyata. Lambarsa ita ce ASTM F136, ko ISO 5832-3. Akwai kuma zallansa mai lamba ASTM F67. Ba a gauraya shi da nikel, ba ya tsatsa a cikin ruwan jiki, kuma nauyinsa kaɗan ya haura rabin na sitil, don haka ba ya jan sabon huji ƙasa. Idan mai hudawa ya ce miki "taitaniyam ne", ki tambayi lambar. Wanda ke sayen kayansa daga masu ƙira na gaskiya zai faɗa miki ba tare da inda-inda ba, wani ma ya nuna miki takardar shaidar ƙarfen. Taitaniyam mai launin shuɗi, ko ruwan hoda, ko ruwan gwal, ba matsala ba ne in da wutar lantarki aka fito da launin daga jikin ƙarfen, domin ba fenti ba ne. Baƙi wuluk ne abin lura, don wannan hanya ba ta ba da baƙi a taitaniyam. In kin gan shi baƙi, shafa masa wani abu aka yi. Niyobiyam ɗan uwansa ne a wannan aiki, shi ma jiki yana karɓarsa sosai, sai dai an fi yin zobe da shi.

Sai sitil, wanda ake tallarsa da sunan ƙarfen tiyata. A nan ake yawan ruɗa mutane. Sunan ba ya ɗaure mai sayarwa da komai, kowane ƙarfe mara tsatsa ana iya laƙaba masa shi. Wanda ya cancanci shiga sabon rauni shi ne mai lamba ASTM F138. Shi ɗin ma yana ɗauke da nikel kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari. Abin da ya cece shi, nikel ɗin a ɗaure yake cikin gaurayen, kaɗan ne ke fita, shi ya sa mutane da yawa suke warkewa da shi lafiya lau. Amma matar da agogo ke sa wa ƙaiƙayi ba ta da dalilin gwada sa'arta. Don ki ga yadda kaɗan ɗin ke da tasiri: dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa sandar da za ta shiga huji ba za ta saki nikel da ya kai maikirogiram 0.2 a kowace murabba'in santimita a mako ba, alhali kayan da ke taɓa lafiyayyar fata kawai an ba su 0.5. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram.

Zinari yana da nasa lissafin. Lambar da aka buga a jikinsa tana faɗin yawan zinarin da ke ciki: 585 shi ne karat 14, 750 karat 18, 916 karat 22. Abin da ba ta faɗa shi ne da me aka cike sauran. A karat 14, fiye da kashi 41 cikin ɗari wasu ƙarafa ne daban, kuma su ne ke jawo matsala in za a samu. Farin zinari ya fi zama abin tuhuma, domin sau da yawa da nikel ake faranta shi, sannan a lulluɓe shi da wani siririn rufi mai sheƙi wanda ke gogewa a hankali. Don sabon huji, karat 14 zuwa 18 ake so, zinari har ciki, wanda maƙerinsa ya tabbatar babu nikel. Za ki ce ai wanda ya fi tsarki ya fi kyau. A wajen alaji haka ne, amma zinarin da ya wuce karat 18 yana da taushi, yana saurin karcewa da lanƙwashewa, karcen nan kuma shi ke goge sabuwar fata ya riƙe datti. Filatinam ma ya dace, in an samu.

Wanda aka yi wa ruwan gwal kawai, mai tambarin GP ko GF, ki ajiye shi gefe. Rufin siriri ne ƙwarai, ruwan rauni da gumi suna cinye shi, sai ƙarfen da ke ƙasa ya bayyana a cikin hujin, galibi tagulla ko wani gauraye mai nikel. Azurfa, mai lamba 925, ita ma ba ta sabon huji ba ce. Tana baƙi in ta haɗu da ruwan jiki, kuma baƙin nan yana iya shiga naman da ke warkewa ya bar toka-tokan zobe a bakin hujin wanda sabulu ba ya fitar da shi. Roba mai sheƙi, katako, ƙashi da ƙaho duk sai bayan an warke.

Wasu suna gwadawa da maganaɗisu. In ya kama ɗan kunnen da ƙarfi, to ba taitaniyam ba ne, ba kuma sitil ɗin dashe ba ne. Amma rashin kamawa ba shaida ba ce, don tagulla ma ba ta kamawa.

Abu na ƙarshe a kan ƙarfe, ki ɗaga sandar a haske ki dube ta. Ya kamata ta yi sumul kamar madubi. Taitaniyam na gaske da ba a goge shi da kyau ba zai dami huji kamar yadda mugun ƙarfe zai yi.

Mataki na uku: siffa

Mafi sauƙin warkewa a yawancin wuraren kunne ita ce miƙaƙƙiyar sanda mai ɗan faifai shafaffe a baya, ado kuma a gaba. Faifan ba ya tsira wuya in an kwanta, ba ya kama gashi sosai, ga sauƙin wankewa. Ki duba yadda kan yake haɗuwa da sandar. Akwai wanda ake turawa ya kama, akwai mai tiredi irin na noti. In mai tiredi ne, tiredin ya kasance a cikin ramin sandar. Wanda tiredinsa ke waje a jikin sandar, duk sanda aka sa ko aka cire sai ya bi ta cikin raunin kamar zarto.

Ɗan kunnen da bindigar huda ke harbawa yana zuwa da makullin baya mai fukafukai biyu, kamar malam-buɗe-littafi. Na ga aikinsa a kunnen 'yar ƙanwata. Kwana huɗu da hudawa, uwar ta ga kunnen ya kumbura, sai ta ƙara matse makullin wai kada ɗan kunnen ya faɗi. Da muka juya kunnen a rana ta shida, babu makulli. Fata ta haɗiye shi, sai ɗan bakin sanda ke leƙowa a tsakiyar jan nama mai sheƙi, in an taɓa ana jin ƙarfen a ciki kamar tsakuwa. Sai da aka kashe wurin da allura a asibiti aka ɗan tsaga aka zaro shi. Ƙarfen ba shi da laifi a wannan karon. Sandar ce gajera, makullin kuma ya hana kumburi wurin zuwa. Ƙari a kan haka, lungunan makullin suna tara ɓawon rauni da gashi, bindigar kanta kuma yawancinta roba ce da ba a iya sa ta a injin tururin da ke kashe ƙwayoyin cuta. A guringuntsi kam kada ki yarda da bindiga ko kaɗan, allura sabuwa daga leda ita ce kayan aikin.

Zobe yana da kyau a ido, amma yana juyawa, yana jan ɓawon da ya bushe zuwa cikin rami, lanƙwasarsa kuma tana danna bakin hujin ta gefe ɗaya. A bar shi sai an warke. Banda hujin lungun ciki, a kan ƙaramin guringuntsin da ke saman ramin ji, wanda da ma da zobe ake yinsa saboda yanayin wurin.

Mataki na huɗu: kauri

Ana auna kaurin sanda da geji, kuma lissafinsa a juye yake: lamba na ƙaruwa, sanda na sirancewa. 20G milimita 0.8 ne, 18G milimita 1.0, 16G milimita 1.2, 14G milimita 1.6. Tunda wasu masu ƙira suna ɗan saɓawa a lambar geji, ki riƙe milimita, ita ce ba ta ƙarya.

Hankali yana raya wa mutum cewa siririyar sanda ta fi sauƙi a jiki. Ki tuna yadda zare ke yanka sabulu, alhali igiya ba ta iya yi. Duk sanda tawul ko gashi ya fizgi ɗan kunne, siririyar sanda tana tattara ƙarfin fizgar a kan siririn layi, sai ta dinga yanka naman a hankali, hujin ya yi tsawo ko ya gusa daga inda aka yi shi. Tana kuma saurin lanƙwashewa. Shi ya sa matar misalinmu za ta sa milimita 1.0 a tsokar ƙasa, ko 1.2 in tana da niyyar sa masu nauyi nan gaba, sannan 1.2 a guringuntsin sama. Doguwar sandar nan da ke ratsa huji biyu a saman kunne 1.6 ake yi mata. Ba a nan gizo yake saƙar ba dai. Kauri in an zauna tsakanin 1.0 da 1.2 ba a cika yin kuskure ba.

Mataki na biyar: tsawo

A nan ne ake buƙatar awo na gaske. Tsawon da ake nufi shi ne tazarar da ke tsakanin faifan baya da adon gaba, wato iyakar sandar da nama zai zauna a kanta. Ba a haɗawa da kan ko faifan. A zobe kuma faɗin cikinsa ake aunawa. Tsawon da aka fi samu su ne milimita 6, 8 da 10, wasu masu ƙira suna da 5, 7 da 9.

Mai hudawa da ya san aikinsa zai fara sa alama, sannan ya auna kaurin kunnen a daidai wurin alamar da ɗan ma'aunin kauri mai baki biyu, ba tare da ya matse naman ba. A ce ya auna matar nan ya samu tsokar hagu milimita 5, ta dama 6, gefen sama kuma 4. Kada ki yi mamakin bambancin hagu da dama, kunnuwan mutum ɗaya ba safai suke zama daidai ba. Sabon huji yana kumbura a kwanakin farko, don haka ana ƙara kamar milimita 2 zuwa 3 a kan abin da aka auna. Tsokar hagu 5 da 3, ta samu 8. Ta dama 6 da 2, ita ma 8, kodayake in naman mai kauri ne mai saurin kumburi, 9 ta fi kwanciyar hankali. Na sama 4 ne, amma guringuntsi yana iya kumbura sosai kuma ya daɗe bai saɓe ba, don haka 7 ko 8.

Da ta amince da sanda mai milimita 6 a tsokar dama, da babu ko ɗigon sarari tun ranar farko. Kumburi zai zo ya rasa wurin zuwa, faifan ya fara nutsewa a baya, adon ya fara nutsewa a gaba, jini ya kasa zagayawa yadda ya kamata, ruwan raunin ya kasa fita. Wurin da ya matse ya jiƙe ya yi ɗumi kuwa, ƙwayoyin cuta sun samu gida. Yawancin abin da ake cewa "ƙarfen bai karɓe ni ba" a makon farko, in aka duba, gajeriyar sanda ce. Girman adon gaba ma yana da hannu a ciki: ɗan dutse mai milimita 2 yana iya shigewa cikin kumburarren huji, don haka a fara da mai milimita 3 ko sama da haka, mara kaifi da ƙugiyoyi.

Ga yadda za ki duba da kanki a madubi, da wankakken hannu, ba tare da kin ja komai ba. In kina hango ɗan sarari na sanda, kamar milimita ɗaya ko biyu, a gaba ko a baya, lafiya. In faifan ya lafe ya yi wa fata rami, ko kina jin bugun jini a wurin da matsi, ko gefen faifan ya fara ɓoyewa, ranar nan za ki koma a sa miki mai tsawo. Awa 24 ta isa fata ta rufe shi.

Mataki na shida: ranar hudawa da makonnin farko

Ɗan kunnen da kansa sai an kashe masa ƙwayoyin cuta a injin tururi mai matsi, wanda ke kai zafin digiri 121 zuwa 134, a buɗe ledarsa a gabanki. Tsoma shi a sifirit bai kai nan ba. Mai hudawa ya sa safar hannu sabuwa, allura kuma ta mutum ɗaya ce.

A gida, ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9 cikin ɗari, wanda ba a gauraya shi da komai ba, ya isa. A fesa ko a jiƙa gaba da baya sau biyu a rana, a busar da tsabtatacciyar takarda ko gozi. Auduga tana barin zare a jikin sanda. Wanda ake haɗawa a gida yawanci gishirin yana yin yawa ya busar da wurin. Sifirit da ruwan nan mai kumfa na wanke ciwo suna kashe sabuwar fatar da ake jira. Kada kuma a juya ɗan kunnen. Tsohuwar shawara ce wai don kada ya manne, amma gogaggen ƙarfe ba ya mannewa, juyawar ce ke tsaga abin da ya fara haɗuwa. Farin ruwa ko mai ɗan rawaya-rawaya da ke bushewa ya zama ɓawo a jikin sanda ba mugunya ba ce, alamar warkewa ce. A jiƙa shi ya yi laushi ya fita da kansa.

Matar nan ta huda saman kunnen dama kaɗai, kuma dabara ce mai kyau, don ta samu gefen hagu na kwanciya. Kwanciya a kan sabon hujin guringuntsi tana karkatar da shi.

Mataki na bakwai: rage tsawo

Wannan ne matakin da aka fi mantawa. Tsawon da ya cece ki a makon farko shi ne zai dame ki a wata na biyu. In kumburi ya saɓe, sandar ta zama doguwa, tana lilo, gashi da tsefe da wuyan riga suna kama ta, in an kwanta kuma tana kwantawa gefe. A guringuntsi, in aka bar ta haka, hujin yana warkewa a karkace, adon ya dinga kallon ƙasa, kuma ba ya miƙewa daga baya. Yawancin ƙananan ƙullutan nan ja da ke fitowa a bakin hujin sama daga nan suke.

Tsakanin mako 4 zuwa 8 ake komawa, gwargwadon yadda kumburin ya sauka. Matar misalinmu ta koma a mako na shida. Aka sake aunawa, aka mayar da tsokar hagu 6, ta dama 7. Na sama ya ɗan rage kumburi, sai aka ƙara masa mako biyu kafin a sa masa 6. Ƙarfe ɗaya, kauri ɗaya, tsawo kaɗai aka sauya, kuma mai hudawa ne ya yi da kayan da aka tsabtace. Wannan ba shi ne izinin fara sa na ado ba. Tsokar ƙasa tana buƙatar aƙalla mako 6 zuwa 8, ga mutane da yawa ma wata uku ko fiye. Guringuntsi wata 6 zuwa shekara guda, saboda ba shi da jijiyoyin jini nasa, daga siririyar fatar da ke lulluɓe da shi yake samun abinci. Huji kuma daga waje yake fara warkewa, baki ya yi kyau alhali ciki ɗanye ne.

Yadda ake gane wace matsala ce

Matsaloli huɗu ne suke kama da juna, maganinsu kuma ya sha bamban. In ƙaiƙayi ne ya fi yawa, fatar ta yi ja ta bushe tana saɓa ko tana tsattsafo da ruwa garai, kuma duk hujin da ke ɗauke da irin ƙarfen sun yi haka tare, ƙarfe ne. A canza zuwa taitaniyam. In ƙaramin ƙullutu ne mai laushi a gefe ɗaya na bakin huji, yau ya girma gobe ya ragu, a nemi abin da ke dannawa ko fizga: tsawon sanda, kwanciya, zobe, ko mugun kusurwa. In an cire sanadin yakan baje a hankali. Kiloyid shi yana zuwa ne a makare, sau da yawa bayan watanni, yana da tauri kamar roba, yana wuce iyakar hujin, ba ya kuma raguwa da kansa.

Ta huɗu ita ce shigar ƙwayoyin cuta. Zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa bayan kwanakin farko, wurin ya ɗau ɗumi, jan yana yaɗuwa, mugunya mai kauri, rawaya ko kore, tana fita, wani lokaci da wari ko zazzaɓi. A duhun fata jan ba ya fitowa sosai, don haka ki fi dogara da ɗumi, sheƙin kumburi da zafi, ki kwatanta da ɗaya kunnen. Kada ki yi saurin zare ɗan kunnen da kanki, domin bakin hujin yana iya rufewa ya kulle mugunyar a ciki. Likita ne zai ce a cire ko a bari.

A guringuntsi abin ba ya jira. In saman kunne ya kumbura ya yi zafi, ko taɓawa ba a iya yi, tsokar ƙasa kuma tana nan lafiya lau, wannan alama ce ta cewa cutar ta kama rufin guringuntsin. Ƙwayar da ta fi haddasa shi ana kiranta sudomonas, tana son wuri mai danshi, kuma magungunan da aka saba sha don ƙurji da yawansu ba sa taɓa ta. In mugunya ta taru ta raba guringuntsi da rufinsa, abincinsa ya yanke, sai ya mutu kunnen ya tattare ya nakasa. Asibiti a ranar, kuma ki faɗa wa likita ranar da aka yi hujin da abin da aka huda da shi.

Matar misalinmu ba ta gamu da ko ɗaya ba sai ɗan ƙullutu a hujin sama a wata na uku, wanda aka gano abin sauraren waya mai rufe kunne ne ke danna shi. Ta daina sawa, ya baje cikin 'yan makonni. A wata na huɗu ta fara canza na ƙasa, tana mayar da taitaniyam ɗinta da dare don kada ramin ya tsuke. Na sama sai da ya cika wata goma, babu ɓawo, babu zafi in an taɓa, sannan aka sa masa zobe. Aka auna daga hujin zuwa gefen kunne aka samu milimita 6, aka zaɓi mai faɗin ciki 8, zinari karat 14 mara nikel, kauri 1.2 kamar sandar da aka cire, domin da ta sa mai 0.8 ramin zai tsuke ya bi shi, sandarta ta farko kuma ba za ta sake shiga cikin sauƙi ba.